Rubutun Kan Allo a Matsayin Mataimakin Jawabi: Nazari a Kan Darasin Bidiyo na Haɗa Ruwan Gishiri da Sukari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a tsara rubutun da ke fitowa a kan allo yayin da ake jawabi, ko a majigin ɗakin karatu ko a bidiyon wayar da kai. Hujjar maƙalar ita ce aikin rubutun kan allo shi ne riƙe abin da kunne ke saurin saki, wato adadi da suna da sharaɗi da hani, a bar wa murya bayani da dalili. An gwada wannan ma'auni a kan matanin darasi ɗaya na Hausa da ke koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari na leda don yaro mai zawo, sannan an nuna wuraren da ma'aunin ba ya aiki.

1.0 Gabatarwa

Tun bayan fitowar manhajar PowerPoint a shekarar 1987, ya zama al'ada mai jawabi ya zuba duk abin da zai faɗa a kan allo, sannan ya juya wa jama'a baya yana karanta musu. Al'adar ta shiga bidiyon koyarwa da ake kallo a waya, inda kowace jimlar mai sharhi ke fitowa a rubuce a daidai lokacin da ake furta ta. Masu yin haka suna da dalilin da ke kama hankali: a ganinsu saƙon da ya shiga ta ido da ta kunne a lokaci guda zai fi zama a zuciya.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna dalilin da ya sa wannan zato yake kuskure a yanayi mafi yawa, ta kuma ba da ma'aunin zaɓen abin da zai hau allo. Za a yi amfani da kalmomin fannu guda uku. Rubutun maimaici shi ne wanda ya kwafi jawabi kalma da kalma. Rubutun tallafi shi ne ɗan guntun da aka tsamo daga jawabi don ya tsaya a gaban mai kallo bayan furucin ya wuce. Rubutun ƙasan allo kuwa shi ne cikakken kwafin magana da ake yi domin kurame ko masu jin wani harshe, irin wanda aka saba gani da Turanci a finafinan Kannywood. Wannan aikinsa daban ne, kuma za a waiwaye shi a sashe na ƙarshe.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tushen muhawarar yana cikin nazarin ƙwaƙwalwa. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka kawo ra'in cewa ma'ajiyar wucin-gadi ta ƙwaƙwalwa, wadda mutum ke riƙe abu a cikinta yayin da yake tunani a kansa, tana da sashe mai kula da sauti da kalmomi, da wani mai kula da siffa da wuri. John Sweller ya ɗora a kan haka a 1988 da ra'in nauyin fahimta, wanda ke cewa wannan ma'ajiya ƙarama ce, kuma duk aikin da bai shafi darasi ba yana cinye gurbin da darasin ke buƙata.

Richard Mayer da abokan aikinsa na Jami'ar California da ke Santa Barbara su suka gwada batun a kan allo. A 2001, Mayer da Heiser da Lonn suka nuna wa ɗalibai gajeren zane mai motsi a kan yadda walƙiya ke samuwa, tare da sharhin murya. Waɗanda aka ƙara wa rubutu a allon sun gaza waɗanda suka ga zane suka ji murya kawai, a tuna bayani da kuma amfani da shi wajen warware sabuwar matsala. Abin lura shi ne ko da aka taƙaita rubutun, illar ba ta gushe ba, domin ido yana barin zanen ya koma karatu. Daga irin wannan sakamako ne aka kafa ƙa'idar maimaici.

Sai dai ƙa'idar ba ta tsaya a haka ba. A 2008 Mayer da Cheryl Johnson suka sake gwaji da darasin walƙiya da na birkin mota, amma a wannan karon kalmomi biyu ko uku kawai suka sa, kuma a jikin sashen zanen da ake magana a kansa. Ɗaliban da suka ga waɗannan kalmomi sun fi tuna bayanin, ko da yake ba su fi sauran iya warware sabuwar matsala ba. Wato gajarta kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wurin da aka ajiye rubutun. A 2012 Adesope da Nesbit suka tattara sakamakon bincike 57, suka gano cewa rubutu tare da murya yakan fi murya ita kaɗai a darasin da ba shi da hoto, da kuma ga masu ƙarancin sanin batun, kuma nuna muhimman kalmomi ya fi kwafin jawabi baki ɗaya amfani. A 2013 kuma Yue da Bjork da Bjork, da darasi a kan rayuwar tauraro, suka gano cewa rubutun da ya ɗan bambanta da furuci ya fi kwafi, amma idan bambancin ya yi nisa sai ya cutar. Sun kuma gano cewa ɗalibai sun fi son kwafin, duk da cewa bai fi amfanar su ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ga masu shirya bidiyo, domin yana nufin tambayar masu kallo abin da suka fi so ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi.

Akwai gargaɗi daga ɗaya ɓangaren. Edward Tufte ya yi nazarin wani shafin majigi da injiniyoyin kamfanin Boeing suka gabatar yayin da kumbon Columbia ke sama a watan Janairun 2003. Kanun shafin yana kwantar da hankali, alhali bayanin da ke nuna cewa wani gutsure da ya bugi fiffiken kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Kumbon ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, kuma hukumar binciken hatsarin ta saka nazarin Tufte a rahotonta. Darasin da ke nan shi ne gutsuttsura magana ba shi ne tallafa mata ba. Abin da ya hau allo dole ya zama shi ne mafi nauyi a cikin saƙon.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin matani. An rubuta sharhin murya na Hausa don gajeren bidiyo, bisa shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a kan maganin zawon yara, aka kasa shi kashi-kashi, aka auna kowane kashi da tambayoyi biyu: mene ne mai sauraro zai manta ko ya rikita cikin 'yan daƙiƙu, kuma mene ne hoto ya riga ya nuna? An zaɓi wannan darasi ne saboda kuskure a cikinsa yana da sakamako a jikin yaro, don haka ana iya gane rubutu mai kyau da maras kyau ba tare da jayayya a kan ɗanɗano ba. Don lissafin lokaci, an ƙaddara mai sharhi yana furta kalma 140 a minti. Wannan ƙiyasin aiki ne, kuma mai shirya bidiyo zai iya maye gurbinsa da saurin mai sharhinsa.

4.0 Nazari

4.1 Saɓanin Saurin Ido da na Kunne

Ga kashin farko na sharhin:

"Ki wanke hannunki da sabulu tukuna. Ki samo ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, ki auna lita ɗaya daidai. Sai ki yaga ledar ORS guda ɗaya, ki juye garin gaba ɗaya a ciki, ki dama har ya narke. Kada ki rage ruwan don maganin ya yi ƙarfi, domin gishiri zai yi wa yaro yawa."

Kalmomi 56 ne, kuma furta su zai ɗauki daƙiƙa 24. A ɗauka an zuba su duka a kan allo. Marc Brysbaert, a nazarinsa na 2019, ya ƙiyasta cewa balagagge mai karanta rubutun zube na Turanci a zuci yana cin kalma 238 a minti. Mai karatu irin wannan zai gama sakin layin cikin daƙiƙa 14, lokacin da murya ba ta wuce juye garin ba. Sauran daƙiƙa 10 yana jin abin da ya riga ya karanta, hankalinsa ya tafi, kuma a cikin wannan lokaci ne ake furta hanin rage ruwa. A ɗauki kuma mai kallon da karatun bokonta bai yi ƙarfi ba, wadda ke cin kalma 80 a minti. Ita tana buƙatar daƙiƙa 42, don haka rubutun zai ɓace tana tsakiyarsa, kuma tun da ta duƙufa kan haɗa baƙaƙe, ba ta saurari muryar ba. Masu kallon biyu sun yi asara ta hanyoyi mabambanta, kuma babu ɗayansu da ya kalli hannun da ke auna ruwan, wanda shi ne dalilin yin bidiyo maimakon shirin rediyo.

4.2 Abin da Zai Hau Allo

Idan aka bi kashin da tambayoyin nan biyu, yawancinsa zai zube. Wanke hannu da yaga leda da damawa duk hoto yana nuna su fiye da yadda rubutu zai iya. Bayanin cewa gishiri zai yi wa yaro yawa dalili ne, kuma dalili ya fi shiga ta murya, inda karin magana da jaddadawa ke taimaka masa. Abin da ya rage abu biyu ne. Na farko shi ne ma'aunin haɗi, wanda hoto ba ya iya tabbatarwa, tun da kwanon da ke cikin bidiyo ba ya faɗin girmansa. Na biyu shi ne hani, wanda ba a iya ɗaukar hotonsa, domin abin da ba a yi ba ba ya fitowa a kyamara. Saboda haka rubutun tallafi layi biyu ne: "Leda 1 a ruwa lita 1", sannan daga baya "Kada a rage ruwa". Kalmomi 10 ke nan a madadin 56.

Layin farko zai fito ne a gefen kwanon, a daidai lokacin da aka furta "lita ɗaya", ya zauna har a gama damawa. Idan ya riga furucin, mai kallo zai karanta shi yana jin maganar sabulu, ya shiga aikin daidaita abubuwa biyu da ba su dace ba. Idan aka ajiye shi a can ƙasan allo, ido zai riƙa kai-komo tsakanin kwano da rubutu, wanda shi ne aibin da gwajin 2001 ya nuna. Rubuta adadi da alƙalumma ma yana cikin tallafin: kunne ya ji "ɗaya", ido ya ga 1, kuma alƙalumman lissafi sanannu ne ga mutane da yawa da karatun jimla ke yi wa wuya, saboda mu'amala da kuɗi da lambobin waya.

Kalmomin allo su zama daga bakin mai sharhi aka tsamo su. Idan murya ta ce "leda" allo ya ce "fakiti", ko murya ta ce "zawo" allo ya ce "gudawa", mai kallo zai tsaya yana tambayar kansa ko abu biyu ake nufi. Sunan magani kuwa a rubuta shi yadda yake a jikin kwalinsa, ORS da Zinc, domin da wannan siffa ce uwa za ta gane shi a kemis.

4.3 Adadi da Sharaɗinsa

Kashi na biyu shi ne inda rubutun tallafi ya fi aiki, kuma inda kuskure ya fi haɗari. Sharhin yana cewa duk lokacin da yaro ya yi zawo a ba shi ruwan. Idan bai kai shekara biyu ba, mililita hamsin zuwa ɗari, wato rubu'i zuwa rabin babban kofi. Daga shekara biyu zuwa goma, mililita ɗari zuwa ɗari biyu. A cikin numfashi biyu an furta adadin shekaru uku da na awo huɗu, kuma "ɗari" ta maimaitu sau uku. Kunne ba ya riƙe wannan. Furuci yana zuwa ne bi da bi, kowace kalma tana ture ta gabanta, alhali abin da ake so uwa ta yi shi ne ta kwatanta rukunoni biyu ta gano inda ɗanta ya faɗa. Kwatance aikin ido ne, don haka a nan allo yana yin abin da murya ba za ta iya ba:

Bayan kowane zawo
Ƙasa da shekara 2: mililita 50 zuwa 100
Shekara 2 zuwa 10: mililita 100 zuwa 200

Layin sama shi ne wanda mai son gajarta zai fara cirewa, yana ganin lambobi su ne saƙon. Cire shi yana sauya ma'anar baki ɗaya. Mai kallon da ta ɗauki hoton allon da wayarta, ko ta tura wa maƙwabciya, za ta iya fahimtar mililita 100 a matsayin rabon yini guda, alhali rabon zawo ɗaya ne. Ƙa'idar da ke fita daga nan ita ce adadi ba ya hawa allo sai da ma'auninsa da sharaɗinsa: nawa, na me, ga wa, yaushe. Rubutun tallafi gajere ne, amma dole ya zama gaskiya ko da an raba shi da muryar.

Wannan jadawali yana buƙatar lokaci. Daidai ne mai sharhi ya yi shiru na 'yan daƙiƙu bayan ya furta adadin, a bar ido ya yi aikinsa. Masu shirya bidiyo sukan ji tsoron shiru, su cike shi da sabuwar magana, kamar bayanin abin da za a yi idan yaro ya yi amai, wato a dakata minti 10 sannan a ci gaba da ba shi a hankali. Idan aka yi wannan bayani alhali jadawalin yana kan allo, an saka mai kallo zaɓi tsakanin saƙonni biyu masu muhimmanci, kuma ɗaya zai faɗi.

Haka abin yake a kashin zinki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2004 ita ce miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Murya za ta bayyana cewa zinki yana rage tsawon zawon da tsananinsa, yana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Allo kuwa zai riƙe adadin, ya ƙara da abin da aka fi saɓawa: "Kwana 10 zuwa 14, ko da zawo ya tsaya".

4.4 Korewa da Haruffa Masu Lanƙwasa

Ginin jimlar Hausa yana kawo wata matsala ta musamman. Korewa a Hausa takan zo gida biyu, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan yi tsawo. Idan aka yanke jimla kamar "ba za a ajiye ruwan da aka haɗa ya wuce awa 24 ba" zuwa guntaye masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, za a iya samun lokacin da abin da ke kan allo shi ne "ajiye ruwan da aka haɗa" kawai. Mafita ita ce a gina hani da "kada" a farkon gajeren layi ɗaya, ko a juya shi zuwa umarni kai-tsaye: "A zubar bayan awa 24". Umarnin ya fi, domin yana faɗa wa uwa abin da za ta yi.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna buƙatar kulawa. A cikin doguwar jimla, muhalli yana gyara kuskuren da aka yi a ɓ, ɗ ko ƙ, amma rubutun tallafi ba shi da muhalli mai yawa. "Ƙasa da shekara 2" idan aka rubuta shi da k maras lanƙwasa, zai sa mai karatu ya yi tuntuɓe a kalmar da ke ɗauke da sharaɗin. Wasu nau'o'in haruffa na manhajojin tace bidiyo ba su da waɗannan baƙaƙe, sai su fito a matsayin ɗan akwati, don haka a duba bidiyon a ƙaramar waya kafin a sake shi.

4.5 Yadda Ake Gane an Kauce

Gwaji biyu sun wadatar kafin a kai ga masu kallo. A na farko a rufe allo a saurari murya kaɗai: ya kamata darasin ya cika, domin akwai masu kallon da ba sa karatun boko, kuma babu wani bayani da ya halatta ya kasance a rubuce kawai. A na biyu a kashe murya a duba rubutun kaɗai: idan mutum ya iya karanto dukan jawabin, an yi maimaici, idan kuma wani layi ya ba da ma'anar da ta saɓa wa jawabin, an gutsure fiye da kima. Abin da ake nema shi ne layukan da kowannensu daidai ne, amma ba su isa su maye gurbin mai sharhi ba.

5.0 Iyakokin Ma'aunin

Duk abin da aka faɗa ya ginu ne a kan mai kallon da ke jin murya kuma yake fahimtar harshen sosai. Kurame da masu raunin ji suna buƙatar kowace kalma, haka mai kallo a wurin hayaniya ko wanda ya kashe sautin wayarsa. Akwai kuma ɗimbin jama'a a garuruwa irin su Maiduguri da Jos da Yamai waɗanda Hausa harshensu na biyu ne. Ga wanda ya iya karatu a cikinsu, ganin kalmomin yana taimaka masa ya raba iyakokinsu a cikin magana mai sauri. Ba a biyan wannan buƙata ta hanyar cika allo da rubutun maimaici ga kowa. Ana biyan ta ne da rubutun ƙasan allo a fayil na daban, kamar nau'in SRT, wanda mai kallo zai kunna ko ya kashe:

```
3
00:00:09,000 --> 00:00:13,000
Sai ki yaga ledar ORS guda ɗaya,
```

Matsalar da ta rage ita ce bidiyon da ke yawo a WhatsApp yakan tafi ba tare da irin wannan fayil ba. A wannan hali ya fi dacewa a fitar da kwafi biyu, ɗaya da rubutun tallafi kaɗai, ɗaya an ƙona cikakken rubutun a jikinsa. A kwafi na biyun a bar kashi ɗaya cikin biyar na ƙasan allo ga cikakken rubutun, a ɗaga jadawalin adadi zuwa sama kusa da kofin awo, kuma a tsawaita shirun da ke bayan jadawalin, tun da mai kallo yana da rubutu biyu da zai karanta bi da bi.